Dalilin rage wasu magunguna ga mai raunin ƙoda: takardar darasi ga ɗaliban haɗa magunguna, Sakkwato

Ɗalibai, adadin maganin da kuke gani a littafi an tsara shi ne don mutumin da ƙodarsa ke aiki lafiya, tana tace kimanin mililita 90 zuwa 120 na ruwan jini a minti ɗaya. Idan tacewar ta ragu, maganin da ke fita ta fitsari sai ya daɗe a jini. Kafin na safe ya gama fita an zuba na dare, a hankali ya taru har ya zama guba, ga shi kuwa mara lafiya bai ƙetare abin da aka rubuta masa ba.

Ba kowane magani abin ya shafa ba. Wanda muke tsoro shi ne wanda ƙoda ke fitarwa, kuma tazarar da ke tsakanin amfaninsa da cutarwarsa ƙanƙanuwa ce. Jantamaisin in ya taru yana kurmantar da mutum, ya kuma ƙara lalata ƙodar. Dijoksin yana rikita bugun zuciya. Metfomin yana iya tara sinadarin laktik a jini, shi ya sa ake dakatar da shi in eGFR, wato ƙiyasin tacewar ƙoda, ya yi ƙasa da 30. Mofin kuwa hanta ce ke sarrafa shi, amma abin da ta mayar da shi yana da ƙarfi, kuma ƙoda ce ke fitar da shi. In ya taru yana danne numfashi.

Inda na fi so ku natsu shi ne sakamakon kiriyatinin, sinadarin da ake aunawa a jini don gane aikin ƙoda. Daga tsoka yake fitowa, don haka tsoho marar tsoka yana iya nuna adadi mai kyau alhali ƙodarsa ta gaji. Ku lissafa tacewar ƙoda da ƙa'idar Cockcroft da Gault ta 1976:

```
CrCl (mL/min) = (140 − age) × weight (kg) × F / SCr (µmol/L)
F = 1.23 (M), 1.04 (F)
```

A ce an kawo wata dattijuwa daga Wamakko, shekara 70, nauyi kilo 50, kiriyatinin 100. Ido zai ce lafiya lau. Lissafi ya ba da kusan mililita 36 a minti ɗaya. Wallahi duk wanda ya miƙa mata cikakken adadin dijoksin bai kyauta mata ba.

Gyaran hanya biyu ce: a rage adadi, ko a tsawaita lokacin da ke tsakanin sha. Ga jantamaisin an fi tsawaita lokaci. Adadin farko na ɗora magani galibi ba a taɓa shi, na ci gaba ake gyarawa.

Ku tuna da garin da muke ciki. A zafin Afrilu da Mayu, ko mutum na amai da gudawa, ƙoda na iya raunana cikin kwanaki kaɗan, kuma ƙa'idar nan ba ta da tabbas yayin da kiriyatinin ke hawa da sauka. Ku riƙa tambaya, "Baba, kana shan maganin ciwon jiki?" Da yawa suna sayen diklofenak da kansu, shi kuma yana rage jinin da ke shiga ƙoda.

Aikin gida: namiji, shekara 65, kilo 60, kiriyatinin 250, yana shan metfomin. Ku lissafa, ku rubuto abin da za ku gaya wa likitansa.