Tsari da Kataɓus: Takardar Darasi ta Mako na Huɗu, Nazarin Zamantakewa, Aji Ɗaya

Wannan takarda ta waɗanda suka zauna darasin ranar Talata ce, da kuma waɗanda motar Jega ta makarar da su. Ku karanta ta kafin zama na gaba, don daga cikinta zan yi tambaya.

Mu soma da albasa, tunda da yawanku 'yan Aliero da Gwandu ne. Ga manoma biyu da gonakinsu ke iyaka da juna, Malam Umaru da Malam Bello. Iri ɗaya suka dasa, rana ɗaya suka cire. Lokacin cira kowa ya san halin da kasuwa ke ciki: kaya sun yi yawa, buhu ya faɗi warwas. Umaru ya ɗora tasa a mota a makon nan ya kai wa dillali. Bello ya shanya tasa ta sha iska, ya ware masu rauni, ya jera sauran a rumbun kara, yana leƙawa yana tsince wadda ta soma ruɓa. Bayan wata huɗu albasa ta yi tsada, ya fitar ya sayar.

Da na tambayi ajin bara me ya bambanta su, kusan kowa ya ce Bello mai haƙuri ne, Umaru kuwa gaggawa ta ci shi. Sai na ƙara musu abin da na ɓoye. Umaru bashi ya ci na taki da man injin ban-ruwa, a hannun dillalin da zai sayi albasar, bisa sharaɗin biya da an cire. Bello yana da ƙane a Legas mai turo masa kuɗi duk wata. Nan take aji ya juya, aka koma cewa ai Umaru ba shi da laifi, talauci ne. Amsar farko ta dubi mutum ta manta da abin da ya kewaye shi. Ta biyu ta dubi abin da ya kewaye shi ta shafe mutumin, kamar Umaru ba shi ne ya zauna ya lissafa ya karɓi bashin ba. Darasinmu yana tsakanin amsoshin nan biyu.

Tsari shi ne duk wani shiri na zaman jama'a da ka tarar, wanda ba kai ka kafa ba, kuma ba zai rushe don kai kaɗai ka ƙi shi ba. Yadda ake gadon gona, yadda ake cin bashi da biyansa, la'adar dillali, layin motoci a tasha, makin shiga jami'a, wanda ke durƙusa wa wani in an haɗu, aikin da aka ce na mata ne da wanda aka ce na maza. Ba a ganin tsari da ido, sai ka taka shi kake jin sa. Direba ya gwada ɗaukar fasinja a bakin tasha alhali ba layinsa ba ne, zai ga 'yan kamasho sun fito masa ta inda bai zata ba.

Ɗaya kalmar kuma, littattafanku na Turanci suna kiranta da abin da ake furtawa ejensi. Kada ku rikita ta da hukumar gwamnati, ba ita ake nufi ba. Ni na zaɓi in ce kataɓus, domin Bahaushe in ya ce wane ba shi da kataɓus, yana nufin ba abin da zai iya aikatawa da kansa. To, kataɓus a nan shi ne ikon mutum na ya auna, ya zaɓa, ya aikata, alhali da ya so da ya yi wani abu daban. Ku riƙe wannan gaɓa ta ƙarshe. In ka yi atishawa ba kataɓus ba ne. In ka danne tari don liman yana huɗuba, shi ne.

Wanda ya iya dara ya riga ya fahimci rabin zancen. Gurabu 30, kowa da 'ya'ya 12, sai ka jera uku ka ci. Ba wanda ya ƙirƙiro wannan a cikin 'yan wasan da ke zaune gindin bedi. Amma duk da ƙa'idar ɗaya ce, ba a taɓa yin wasa biyu iri ɗaya ba, kuma akwai gwani akwai ɗan koyo. Abin lura shi ne ƙa'idar da ta hana ka tsallake gurbi ita ce ta sa akwai wasan tun farko. Cire ta, sai ka ga tsofaffi biyu suna wasa da tsinke a ƙasa. Ɗalibai kan ɗauka tsari kullum takunkumi ne. Yana hanawa, yana kuma ba da dama. Sai dai misalin dara yana da gurguwar ƙafa: a dara kowa da 12 yake farawa, a rayuwa kuwa wani da 20 ya zauna, wani da 3.

Masana sun daɗe suna jan wannan igiya. Emile Durkheim, Bafaranshe, ya ce akwai abubuwan zamantakewa da ke wajen mutum kuma suna tilasta shi. A 1897 ya ɗauki abin da kowa ke gani na mutum ne shi kaɗai, wato kashe kai, ya nuna cewa adadinsa a ƙasashen Turai bai cika sauyawa daga shekara zuwa shekara ba, kuma ya fi yawa a cikin Furotesta a kan Katolika, da marasa aure a kan masu iyali. Ya danganta hakan da ƙarfin igiyar da ta ɗaure mutum da jama'arsa. Max Weber, Bajamushe, ta wajen mai aikin ya shigo. A ganinsa ba ka fahimci aiki ba sai ka san ma'anar da mai yin sa ya ba shi. Ka ga mutum yana faskare: ƙila ƙodago yake, ƙila itacen girkin gidansa ne, ƙila haushi yake hucewa. Gatarin ɗaya ne, ayyukan uku.

Karl Marx ya faɗi wata magana a 1852 da ta haɗa gefen biyu. Ma'anarta ita ce mutane su ke yin tarihinsu, amma a cikin halin da suka gada, wanda ba su suka zaɓa ba. Anthony Giddens na Ingila ya faɗaɗa wannan a 1984. Ya ce tsari da aikin mutane kowanne na haifar da ɗayan, kuma ya yi misali da harshe. Hausa ta riga ku zuwa duniya, da ita kuke tunani, ba ku isa ku wayi gari ku sauya nahawunta ba. Amma ina Hausar take in ba a bakin masu yin ta ba? Duk wanda ya buɗe baki a Birnin Kebbi ya yi Sakkwatanci ya ƙara wa wannan karin harshe kwana. Duk ɗalibar da ta ji kunyar harshenta ta koma Kananci a ɗakin kwanan ɗalibai ta ɗan rage masa, ko da ba ta nufa ba.

Misalin da na fi so shi ne adashe, don a nan ana ganin tsari yana tsira a gaban ido. Mata goma a unguwa suka ga banki ya yi musu nisa, takardunsa sun yi yawa. Suka zauna, suka yanka zubi, suka naɗa uwar adashe, suka jera kwasa. Ranar farko, wannan kataɓus ne tsantsa. Bayan shekara biyu amarya ta tare a unguwar ta shiga. Ita ba ta san zaman da aka yi ba. Ta tarar ana zubi ranar Juma'a, sabuwar shiga ita ce ƙarshen kwasa, wadda ta yi latti uwar adashe za ta aiko yarinya da littafi ta tsaya mata a ƙofar ɗaki. Abin da ya kasance zaɓi ga na farko ya zama tsari ga ta baya. Kuma ranar da shida daga cikinsu suka daina zubi, adashe ya mutu, ba tare da an kira taron rushe shi ba.

Wani lokaci kuma daga sama tsarin ke sauyawa. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako saboda matsalar tsaro. 'Yan Gusau da Ƙauran Namoda da ke cikinku sun fi ni sanin yadda aka yi. Wasu sun koma aika takarda ta hannun direbobi, wasu sun shiga mota zuwa jihar maƙwabta don kiran waya ɗaya. Wannan kataɓus ne. Amma wa ya iya biyan kuɗin motar? Dokar ɗaya ce a kan kowa, filin motsin da ta bar wa ɗan kasuwa mai mota ya fi wanda ta bar wa mai tallan ƙosai. Haka aka sake gani a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira: mai asusun banki da babbar waya ya koma tura kuɗi, tsohuwar da ta kawo kaji daga ƙauye ta karyar da su ga duk mai tsaba a hannu.

Akwai kurakurai da nake gani a takardun jarrabawa duk shekara. Mafi yawa shi ne a ce tsari shi ne ƙaddara. Ƙaddara babi ne na tauhidi, malamansa suna nan, ba shi muke karantawa a wannan aji ba. Tsarin da muke nufi aikin mutane ne, yana da ranar farawa, ana iya bin sawunsa, ana iya sauya shi. Jihar Kebbi kanta sai 1991 aka yi ta, Zamfara 1996, amma yau takardar shaidar asalin jiha tana iya buɗe wa mutum ƙofar aiki ko ta rufe masa. Wani kuskuren shi ne ɗaukar kataɓus a matsayin nasara ko tawaye. Umaru da ya karɓi bashi ya yi amfani da kataɓus ɗinsa, domin ya auna tsakanin bashi da barin gona ba shuka. Yarinyar da ta bi zaɓin iyayenta bayan ta yi nazari ita ma ta zaɓa. Mai bin ƙa'ida da saninsa yana aikatawa ne kamar mai karya ta.

Ni dai in kun tambaye ni, gardamar wanne ya fi ƙarfi ba ta cika kai mu ko'ina ba. Na fi son ɗalibin da zai ɗauki mutum guda a hali guda ya tambaya: hanyoyi nawa ne a gabansa, wa ya shata su, wacce ya bi, me ya sa, kuma bin da ya yi ya ƙarfafa shatar ko ya ɗan goge ta? Kuma ina gargaɗinku da son kai a nan. Mun saba in mun ci jarrabawa mu ce ƙoƙarinmu ne, in mun faɗi mu ce malami ne. In maƙwabci ne kuwa sai mu juya lissafin.

Aikin gida: kowa ya rubuta shafi ɗaya da hannu a kan yadda ya tsinci kansa a wannan sashe. Na san da yawanku Lauya ko Likitanci kuka nema, maki ya turo ku nan, ba laifi ku faɗa. Ku kawo abubuwa biyu da kuka tarar ba ku kuka shirya ba, da shawara biyu da ku kuka yanke, sa'annan ku nuna wuri ɗaya da kuka kasa tantance wanne ne wanne. Wannan wurin shi ya fi maki. A miƙa wa wakilin aji kafin ƙarfe 10 na safiyar Litinin.