Neman Gurbin Karatu a Jami'o'in Saudiyya: Taron Bayani Kai Tsaye ta Intanet

Mu ɗalibai Hausawa da ke karatu a Madina muna gayyatar ɗalibai, iyaye da malaman makarantun Islamiyya zuwa taron bayani kan yadda ake neman gurbin karatu da tallafi a jami'o'in Saudiyya. Abin da ya sa muka shirya shi kuwa shi ne yawan koken da ke iso mana daga gida, na iyayen da suka sayar da gona ko dabba suka miƙa wa dillali kuɗi don ya samo wa ɗansu gurbi, alhali nema kyauta ne, kuma ɗalibi na iya cike komai da hannunsa a shafin Study in Saudi na Ma'aikatar Ilimi.

Rana: Asabar, 24 ga Janairu, 2026, daidai da 5 ga Sha'aban, 1447.

Lokaci: ƙarfe 1:30 zuwa 3:00 na rana agogon Makka (UTC+3). Za a fara ke nan da 12:30 na rana a Sudan, 11:30 na safe a Nijeriya da Nijar, da 10:30 na safe a Gana. Mun zaɓi wannan lokaci ne domin ya faɗo tsakanin Azahar da La'asar a nan Madina.

Za a yi bayani kan Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, da Ummul Ƙura ta Makka, da Jami'ar Gimbiya Nura ta mata da ke Riyad. Mutane da yawa sun ɗauka Shari'a da Hadisi kawai ake karantawa a Madina, alhali akwai kwalejin injiniya da ta kwamfuta. Za a daɗe a kan takardu, domin a nan ne masu nema suka fi tuntuɓe: fasfo, shaidar kammala sakandare da fassararta zuwa Larabci, takardar lafiya, da tazkiyya daga malami. Wani ɗalibi zai buɗe fom ɗin a kan allo ya cike shi gida-gida, ya kuma nuna matsalar da ke tasowa idan an rubuta suna Muhammad a fasfo amma Mohammed a takardar makaranta. Wanda Larabcinsa bai yi ƙarfi ba kada ya karaya, za a yi magana kan cibiyar koyar da harshe da ake fara shiga kafin kwaleji.

Rajista kyauta ce. A danna maɓallin «Yi Rajista» da ke ƙasan wannan shafi, a rubuta suna, ƙasa da adireshin imel, tare da tambaya idan akwai. Za a rufe rajista ranar Alhamis, 22 ga Janairu, da ƙarfe 10:00 na dare agogon Makka, sannan a tura mahaɗin Zoom ta imel ranar Juma'a. Da Hausa za a gudanar da taron, kuma duk wanda ya yi rajista amma sabis ya hana shi shiga, za a aika masa da muryar taron bayan an kammala.