Kafin ka yi wa laftof ɗin malamar nan fomat

Yaro, na ji kana shirin goge laftof ɗin malamar Tudun Wada, wanda faifansa ke maƙalewa a 100%. Dakata tukuna. Sakamakon jarabawar ɗalibanta na ciki, kuma ba mu san ko faifan ajiyar ne ke mutuwa ko manhaja ce ke wahalar da shi ba.

Fara kwashe fayilolinta zuwa wani faifan, masu muhimmanci a gaba. Faifai mai ciwo, kowane gwaji rage masa kwana yake yi.

Sai ka danna Ctrl+Shift+Esc don buɗe Task Manager, ka shiga Performance, ka zaɓi Disk. Kar 100% ɗin ya ruɗe ka, yana nuna faifan bai samun hutu ne kawai, ba yawan aikin da ya yi ba. Lambobin ƙasa za ka duba. In Read speed da Write speed na motsi da megabait masu yawa, wani abu ne ke sa shi aiki: leƙa Processes ka kamo shi. Yawanci Windows Update ne, ko Windows Search, ko SysMain, ko Defender na bincike. Gwada wannan a Command Prompt na Administrator, don tsayar da SysMain da Windows Search:

```
net stop sysmain
net stop wsearch
```

In 100% ɗin ya sauka bayan 'yan mintoci, ka gano ɓarawon. Duba Memory ma, don RAM ɗinta 4GB ne. Da ya cika sai Windows ta koma aron wuri a faifai, shi kuwa faifai mai juyi 5400 a minti ba ya iya wannan dako.

Amma in yana 100% alhali gudun kusan sifili ne, Average response time na haura dubban ms, linzami ya sandare sannan ya sake, to faifan nake zargi. Yana ta maimaita karanta wurin da ya lalace ne. Kara kunnenka a jikin laftof ɗin, ka ji ko akwai ƙas-ƙas mai maimaituwa. Shiga Safe Mode, inda yawancin manhajoji ba sa tashi. In can ma ya maƙale, zargin ya ƙara ƙarfi.

Buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, ka duba layi uku masu ƙirga wuraren da suka lalace: 05, C5 da C6. Raw Values ɗinsu sifili ake so. In C5 ya tashi, ko ka ga Caution ruwan ɗorawa, magana ta ƙare. A Event Viewer kuma, kuskure mai lamba 7 daga disk shaida ce ta biyu. Good kaɗai ba ya wanke faifai, na sha ganin mai Good da ya mutu cikin mako.

Kar ka kuskura ka sa `chkdsk /r` kafin kwashe kaya. Awanni yake yi yana bin faifan lungu-lungu, mai rauni na iya cikawa a hanya.

In faifan ne, kira ta ka ce: "Malama, gyara ba zai riƙe ba, sai dai a sa SSD." Na SATA mai inci 2.5 zai zauna a gurbin tsohon. Tsohon kuma ka nannaɗe shi ka ajiye mata a durowa har na dawo daga Kawo.