Ban kwana da Hajiya Rabi, mai kula da rigakafi

Malam Kabiru, Incaj:

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan aiki. Kamar yadda aka sanar a taron safiyar Litinin, ranar Juma'ar nan Hajiya Rabi za ta yi sallama da aikin gwamnati. An ɗauke ta a 1990, ta cika shekara 35 cif, kuma doka ta ce ko shekara 35 a aiki ko shekara 60 da haihuwa, wanda ya riga zuwa. Lafiya lau za ta tafi, babu takardar tuhuma ko ɗaya a fayil ɗinta. Alhamdu lillahi.

Matasanmu ba su ga 2003 da 2004 ba, lokacin da aka dakatar da ɗigon shan inna a jihar Kano, magidanta suna rufe wa ma'aikata ƙofa. Hajiya tana cikin matan da suka koma gida-gida bayan an dawo da shi, suna zama da uwargida a tsakar gida har ta miƙo yaro da hannunta. Da aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Najeriya da Afirka, akwai gumin irinsu a ciki. Hajiya, mun gode. Allah Ya saka da alheri, Ya sa albarka a hutun, Ya sa haƙƙoƙinki su fito ba tare da wahala ba.

Daga Litinin Malama Zainab ce ke riƙe da firjin rigakafi da rajistocinsa. Ranar Alhamis da ƙarfe 2 za a yi ƙirgen miƙa aiki: kwalba-kwalba, da ruwan haɗa allura, da sirinji, da katin yara, a gwada da abin da ke cikin littafin kaya, su biyun su sa hannu, ni ma in sa. Na roƙi Hajiya ta rubuta mana abubuwan da take so a riƙe a nan guruf, don kowa ya gani, har da masu kwanan dare, tunda firji ba ya lalacewa sai lokacin da mai shi ba ya nan.

Walima ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a rumfar awo. Gudummawa naira 2,000 kowa, a ba Malama Hauwa ta ɗakin magani kafin Laraba da yamma. Wanda bai samu ba kada ya ƙi zuwa.

Malama Hauwa:

Allah Ya sanya alheri, Mama. Mutum 11 sun biya zuwa yanzu. Kwasarki ta adashi tana nan a wata mai zuwa, ba a taɓa layin ba, kuma kina cikin guruf ɗin zumunci har abada. Na aiki ne kawai za a cire ki, saboda bayanan marasa lafiya da ke wucewa ta cikinsa.

Hajiya Rabi:

Wa alaikumus salam. Na gode Malam, na gode 'ya'yana da ƙannena. Allah Ya bar zumunci. Zainab, ga abin da nake so ki riƙe, sauran ku ma ku karanta.

Firji ya zauna tsakanin digiri 2 da 8. A duba sau biyu a rana, safe da yamma, a rubuta a takardar da ke manne a murfi, har Asabar da Lahadi da ranar salla. Wanda ya duba ya rubuta abin da idonsa ya gani da lokacin da ya gani. Idan an manta, a bar gurbin haka nan a faɗa wa Zainab. Cike layi da "5, 5, 5" ranar Litinin ya fi barinsa illa, don yana ɓoye daren da aka samu matsala, kuma na'urar da ke cikin firjin tana ajiye bayanin kwana 30, mai duba aiki zai gwada ya gani.

Kowa zafi yake tsoro, amma abin da ya fi yi mana ɓarna a ɓoye shi ne daskarewa, musamman yanzu da hunturu ya shigo. Allurar cututtuka biyar, da ta ciwon hanta, da ta nimoniya, da ta tetanos ta masu ciki, da allurar shan inna ta tsira, da ta kansar bakin mahaifa, duk idan suka daskare sau ɗaya ƙarfinsu ya tafi, ko da sun narke sun koma kamar ba abin da ya faru. Uwa za ta tafi da kati a cike, yaro kuma ba shi da kariya. Don haka waɗannan kullum a kwandon sama, kada su taɓa bangon firji ko ƙasansa. Ɗigon shan inna, da ta ƙyanda, da ta shawara, da ta tarin fuka sanyi bai dame su ba, su ne a ƙasa. Ruwan haɗi kuwa ba a daskarar da shi ko kaɗan, kwalbar tana iya tsagewa.

Idan na'ura ta nuna an sauka ƙasa da sifiri, kada a yi amfani da komai daga kwandon sama sai an yi gwajin girgiza. A ɗauki kwalba ɗaya mai lambar rukuni iri ɗaya da wadda ake zargi, a rubuta mata "daskararriya", a sa ta a firiza ta kwana ta zama ƙanƙara, a bari ta narke sarai. A riƙe su biyu a hannu ɗaya a girgiza sakan 10 zuwa 15, a ajiye su a tebur inda haske ke ratsa su. Idan wadda ake zargi ta daɗe a gauraye, garinta yana sauka a hankali fiye da na daskararriyar, lafiyarta ƙalau. Idan suka kwanta tare, ko ta riga, rukunin ya lalace. A ware shi, a kira jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma, kada a zubar kafin ya gani. Allurar shan inna ta tsira ba ta da garin da ke kwantawa, wannan gwaji bai shafe ta ba; idan ana zargin ta daskare, a ware ta kawai.

Alamar zafi da ke jikin kwalba kun san ta: muddin murabba'in ciki ya fi da'irar haske, a yi amfani. Ya yi daidai da ita ko ya fi ta duhu, a ware. Wadda ta fara dusashewa a fitar da ita gaba, ko da ranar ƙarewarta tana da nisa. Amma wannan alama zafi kawai take gani, ba ta san daskarewa ba.

Ranar fita ƙauyuka, a fito da ƙanƙarar roba 4 tun da wuri a shimfiɗa su a tebur har sai an girgiza an ji ruwa yana motsi a ciki, sannan a jera a akwati. Masu gaggawa su ne ke ɗauko ta daga firiza kai tsaye su ɗora allura a kai, kafin a kai ƙauye allurar ta daskare. A sa kwalaben a leda don kada jiƙa ta ɓare takardar, wadda aka buɗe kuma a soke ta a soson murfi.

Ta tarin fuka, da ta ƙyanda, da ta shawara, da ta sanƙarau, da zarar an haɗa su da ruwansu, a rubuta lokaci a jiki. Awa 6 ko ƙarshen zaman, wanda ya riga, a zubar. Ba a mayar da su firji don gobe, domin yawancinsu ba su da sinadarin da ke hana ƙwayoyin cuta hayayyafa a cikinsu, kuma yaro na iya mutuwa ta wannan hanya. Kowace da ruwan kamfaninta, a sanyaya shi a firji tun daren jiya. Sannan kada a kori uwa da ɗan wata 9 don ana jin asarar buɗe kwalba mai ɗaukar yara 10. A buɗe. Wadda aka ce ta dawo mako mai zuwa, sau da yawa sai ƙyanda ta kwantar da yaron ake sake ganinta.

Solar da ke ba firji wuta: ƙurar hunturu tana rufe faifan cikin kwana kaɗan. Baba mai gadi ya saba wankewa duk Asabar da sassafe kafin gilashi ya yi zafi, da ruwa zalla da tsumma mai laushi, ban da omo. A ci gaba da ba shi kuɗin ruwa. Reshen darbejiyar da ke gabas yana fara yi wa faifan inuwa, a sassabe shi kafin ƙarshen wata. Idan firji ya tsaya, kada a yi ta buɗawa ana leƙe, yana riƙe sanyi muddin murfi na rufe. A kira Zainab, a kira Malam, a shirya babban akwatin sanyi, in firjin ya kai digiri 8 yana hawa a kwashe zuwa sito na ƙaramar hukuma. Lambar mai gyara da ta mai babur suna rubuce a bango bayan ƙofa. Kuma don Allah, ruwan sha da zoɓo da kunun aya ba su da wuri a firjin nan, ko na waye.

Akwai jakar katin tunatarwa a aljihun tebur na biyu, an jera ta wata-wata. Yanzu yara 17 ne suka wuce ranar allurar mako 14, na rubuta unguwanninsu da sunan mai unguwa. A bi su ta hannun ungozoma, ta fi mu sanin wadda ta tafi wankan gida da wadda maigida ya hana. Wanda ya makara ba a sake masa daga farko, a ɗora daga inda ya tsaya.

Na yi faɗa da yawa a kan waɗannan abubuwa, wani lokaci a gaban mutane. Duk wanda na ɓata wa rai ya yafe mini don Allah, ni ma na yafe wa kowa duniya da lahira. Wayata a buɗe take.

Malama Zainab:

Babu komai tsakaninmu sai alheri, Mama, mu ne da neman gafara. Allah Ya ja kwana, Ya albarkaci zuri'a. Na kwafe saƙon, zan buga shi a manna kusa da takardar awon sanyi. Tambaya ɗaya kafin Alhamis: kwalaben cututtuka biyar guda 2 da na gani a buɗe a ƙaramin kwando fa?

Hajiya Rabi:

Suna da kyau. Irin waɗannan suna kai kwana 28 bayan buɗewa, in dai an rubuta ranar a jiki, ba su wuce ranar ƙarewa ba, alamar zafi ba ta yi duhu ba, kuma bakin kwalbar bai nutse a ruwa ba. Ki fara da su a zaman Talata kafin ki buɗe sabuwa. Mukullin firji da na sito suna wurina, zan ba ki a gaban Malam bayan ƙirge.

Malam Kabiru, Incaj:

Madalla. Na mayar da Malama Zainab admin yanzu. Hajiya za ta zauna a nan har Juma'a da ƙarfe 6 na yamma, mai tambayar aiki ya yi ta kafin lokacin. Masu kwanan Alhamis, ku taimaka wa Baba da jera benci a rumfa.