Amsar Jarrabawa: Hardin da Ostrom a kan Dukiyar Tarayya

Tambaya ta 3 (maki 25). Cikin karatun da aka ba ku a wannan zangon akwai maƙalar Garrett Hardin ta 1968 da babukan farko na littafin Elinor Ostrom na 1990. Marubutan biyu sun saɓa a kan makomar dukiyar da jama'a suka yi tarayya a cikinta, kamar wurin kiwo, daji da ruwan kamun kifi. Ka haɗa ra'ayoyin biyu, ka nuna inda suka rabu da inda suka haɗu, sannan ka faɗi matsayinka da hujja.

Amsa

Hardin da Ostrom sun fara ne daga tambaya ɗaya: in dukiya ta kowa ce, me zai hana kowa ya kwashe ta har ta ƙare? Hardin ya ce babu abin da zai hana sai tilas. Ya kawo misalin makiyayin da ke kiwo a filin da ba na kowa ba. In ya ƙara saniya ɗaya, ribarta duka tasa ce, ɓarnar da za ta yi wa ciyawa kuwa a kan dukan makiyaya za ta rabu. Tunda kowane makiyayi wannan lissafin yake yi, kuma lissafin daidai ne a wurinsa, filin zai mutu ba tare da wani ya yi niyyar kashe shi ba. Don haka masu bin Hardin suka tsaya a kan mafita biyu: ko a yanka filin a mallaka wa ɗaiɗaikun mutane, ko hukuma ta karɓe shi ta kafa doka. Ostrom ba ta ce lissafin makiyayin ƙarya ba ne. Abin da ta ƙi amincewa da shi shi ne cewa makiyayan ba sa magana da juna, ba su san juna ba, ba kuma za su iya kafa wa kansu ƙa'ida su tsare ta ba. A ganina nan ne ainihin saɓanin yake. Dukansu sun yarda ɗan Adam yana son kansa. Sun rabu ne a kan wanda zai iya taka wa son kan burki.

Hanyar da kowannensu ya bi ita ta raba sakamakonsu. Makiyayin Hardin na tunani ne, ya aro shi daga laccar William Forster Lloyd ta 1833, kuma abin da ya fi damunsa a maƙalar ma yawan haihuwa ne, kiwon misali ne kawai. Ostrom kuwa garuruwa ta tattaro, masu suna da tarihi. A ƙauyen Törbel na ƙasar Suwizalan an rubuta ƙa'ida tun 1517 cewa kada mutum ya kai shanu makiyayar dutse fiye da waɗanda zai iya ciyarwa da hunturu, wanda ya saɓa kuma a ci shi tara. Wannan ƙa'ida ɗaya ta toshe ƙofar da Hardin ya bari a buɗe, domin ƙarin saniya ba kyauta ba ne kuma. A Alanya ta Turkiyya masunta wajen ɗari ne suka raba wuraren su da ƙuri'a a watan Satumba, kowa yana matsawa wuri na gaba kowace rana, ta yadda wuri mai kifi zai zagayo kan kowa. Abin lura a nan shi ne ba a ɗauki ɗan sanda ba. Wanda aka shigar masa wuri a ranarsa shi ne zai fara ɗaga murya, sauran kuma su goya masa baya don gobe tasu ce. Wato son kan da Hardin ya ce shi ke kashe dukiya, shi ne a nan ya koma mai gadinta.

In aka dubi waɗannan misalai, sai a ga cewa marubutan ba abu ɗaya suke kira dukiyar tarayya ba. Filin Hardin ba shi da iyaka, ba shi da masu shi, duk wanda ya zo ya shiga. Filin Ostrom yana da iyaka, an san wanda ke da haƙƙi a ciki, akwai masu sa ido, akwai hukunci da ke farawa da sauƙi yana tsananta ga mai maimaita laifi, akwai kuma wurin sasanta rikici da ba ya cin kuɗi mai yawa. Hardin kansa daga baya ya yarda cewa dukiyar da yake nufi ita ce wadda ba a tafiyar da ita bisa wani tsari. Har ila yau, maganin da ya fi so a maƙalar shi ne tilastawar da mafi yawan waɗanda abin ya shafa suka amince da ita, kuma abin da mutanen Törbel suka yi ke nan. Bambancin kawai, masu bin sa sun ɗauka tilas ɗin daga sama zai zo. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba a ko'ina: da gwamnatin Nefal ta karɓe dazuzzuka a 1957, ƙauyukan da ke tsaronsu suka daina ɗaukarsu nasu, sare itatuwa ya ƙaru, a Kanada kuma hukuma ce ke ƙayyade kamun wani kifin teku da ake kira cod a gaɓar Newfoundland har ya kusa ƙarewa aka rufe kamun a 1992.

Duk da haka ba zan ce Ostrom ta kore Hardin gaba ɗaya ba. Garuruwan da suka yi nasara a littafinta ƙanana ne, mutanensu sun daɗe tare, suna sa ran 'ya'yansu za su ci moriyar wurin. Ita da kanta ta kawo inda tsarin ya gaza, kamar Bodrum da gaɓar Izmir a wannan Turkiyya ɗin, inda masunta suka yi yawa, buƙatunsu suka bambanta, aka kasa hana baƙi shiga. Akwai kuma rauni a irin hujjarta: tsarin da ya ɗore ɗaruruwan shekaru shi mai bincike zai tarar, waɗanda suka rushe tun da wuri da wuya su bar takarda. Matsayina dai shi ne Hardin ya bayyana abin da ke faruwa in sharuɗɗan Ostrom ba su samu ba. Inda za a iya shata iyaka, a san masu haƙƙi, su ga abin da ɗan'uwansu ke ɗauka, hujjar Ostrom ta fi ƙarfi, aikin hukuma kuma shi ne ta amince da ƙa'idojin mutanen wurin maimakon ta share su. Inda ba za a iya ba, kamar tsakiyar teku ko iskar da ƙasashe ke zuba wa hayaƙi, lissafin makiyayin Hardin yana nan yana aiki, sai dai makiyayan yanzu gwamnatoci ne da kamfanoni, kuma babu wata hukuma a samansu da za ta karɓe filin.