Sanarwar Kawo Ƙarshen Yarjejeniyar Intanet da Kula da Kwamfutoci, Lamba 0417

Daga: Shugabar Sashen Gudanarwa
Zuwa ga: Manajan Hulɗa da Abokan Ciniki
Kwafi: Akawun asibiti, Lauyan asibiti
Rana: Litinin, 3 ga Maris 2025

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da dukkan ma'aikatanku, na rubuto ne a madadin hukumar gudanarwar asibitinmu domin in sanar da kamfaninku cewa mun yanke shawarar kawo ƙarshen yarjejeniya mai lamba 0417, wadda a ƙarƙashinta kuke ba mu intanet kuma kuke kula da kwamfutocinmu da sabar da ke ɗakin ajiyar bayanai. Wannan saƙo shi ne rubutacciyar sanarwar da sashe na 14(2) ya tanada.

Yarjejeniyar ta fara aiki ranar 1 ga Satumba 2023 na tsawon shekara ɗaya, ta kuma sabunta kanta ranar 1 ga Satumba 2024 bisa sashe na 3. Sashe na 14(2) ya ce: "Bayan cikar watanni goma sha biyu na farko, kowane ɓangare yana da ikon kawo ƙarshen wannan yarjejeniya ta hanyar bai wa ɗayan rubutacciyar sanarwa ta kwana 60, ba tare da bayyana dalili ko biyan tara ba." Watanni goma sha biyun sun cika tuni. Sashe na 17 kuma ya amince da imel a matsayin rubutacciyar sanarwa, ya ce ana ɗaukar cewa saƙo ya isa a ranar aiki ta gaba da ranar da aka aika shi. Saboda haka lissafi zai fara gobe Talata, 4 ga Maris. Kwana 28 a Maris, 30 a Afrilu, 2 a Mayu, sittin ke nan. Yarjejeniyar za ta ƙare ƙarfe 12 na dare, a ƙarshen ranar Juma'a, 2 ga Mayu 2025. Idan lissafinku ya saɓa da wannan, ku faɗa mana yanzu mu daidaita, kada sai ranar ta matso a shiga ja-in-ja.

Sashen da muka dogara da shi bai nemi dalili ba, amma bayan shekara ɗaya da rabi ana tare, bai kamata mu rabu ba tare da kun san abin da ya kawo haka ba. Daga Talata 14 zuwa Alhamis 16 ga Janairu asibitin nan ya zauna babu intanet, kuma sai da aka kwana aka wuni kafin ma'aikacinku ya iso, alhali sashe na 8(1) ya yi alkawarin zuwa cikin awa huɗu. A kwanakin nan uku ɗakin gwaji ya riƙa rubuta sakamako da biro da takarda, masu jinya suna hawa da sauka suna kai wa likitoci, sannan aka shafe mako guda ana mayar da bayanan cikin kwamfuta. Ba shi ne karo na farko ba, shi ne dai mafi tsawo. Lauyanmu ya nuna mana cewa muna iya bi ta sashe na 14(3), na saɓa alkawari, wanda wa'adinsa kwana 14 ne kawai. Mun zaɓi doguwar hanyar da gangan, don ba mu son rigima, kuma kwana 14 ba za su ishi kowa ya miƙa aiki a tsanake ba. Sai dai kada a ɗauki wannan zaɓi a matsayin yafe wani haƙƙi da yarjejeniyar ta ba mu.

Har zuwa daren 2 ga Mayu komai yana nan yadda yake. Muna sa ran intanet da kulawa za su ci gaba ba ragi, mu ma duk abin da ke kanmu za mu sauke.

Batun kuɗi. Kamar yadda muka saba biya wata uku-uku tun kafin a shiga, mun riga mun biya kuɗin Maris zuwa Mayu. Kwana 29 na Mayu, daga 3 zuwa 31, za su faɗo bayan ƙarshen yarjejeniya, kuma sashe na 6(4) ya ce a mayar da kuɗin irin waɗannan kwanaki cikin kwana 21. Akwai kuma ragin kwana ukun Janairu, wanda sashe na 8(3) ya tanada kuma ka amince da shi da kanka a saƙonka na 20 ga Janairu, amma bai fito a takardar kuɗin da kuka aiko mana a Fabrairu ba. Muna roƙon ku haɗa biyun a lissafin ƙarshe, ku aiko wa akawunmu, wanda na saka a kwafin wannan saƙo. Daga yau kuma mun janye izinin cire kuɗi kai tsaye daga asusun asibiti, mun sanar da banki.

Abin da ya fi damuna shi ne bayanan marasa lafiya. Kwafin ajiyarsu yana hannunku, haka ma kalmomin sirri na sabar da na asusun imel ɗin ma'aikata. Muna so a yi zaman miƙa aiki ranar Laraba 16 ga Afrilu da ƙarfe 10 na safe a ofishina, inda ma'aikacinku zai damƙa wa jami'in kwamfutarmu cikakken kwafi, a buɗe shi a gaban kowa a tabbatar yana aiki, tare da kalmomin sirrin da zanen yadda aka shimfiɗa wayoyin ginin. Na zaɓi tsakiyar Afrilu ne domin in an sami tangarɗa a sami makonni biyu na gyara. Kafin wannan zama, don Allah kada a goge komai. Bayan ƙarshen yarjejeniya kuwa, sashe na 11 ya wajabta muku goge duk abin da ya rage a wajenku cikin kwana 30 da aiko mana shaidar hakan a rubuce, kuma riƙon sirri yana nan a kanku ko bayan an rabu.

Kayanku da ke wurinmu, wato rauta biyu da farantin da ke kan rufi da akwatin batir ɗaya, kuna iya zuwa ku kwashe ranar Litinin 5 ga Mayu. Sabar da wayoyin cikin gini namu ne, rasit ɗinsu na nan. A zo da takardar karɓa da ɓangarorin biyu za su sa wa hannu, a kuma dawo da katunan shiga guda biyu da muka ba ma'aikatanku.

Ina so a isar da godiyarmu ga matashin da ke zuwa mana duba na'urori duk ƙarshen wata. Bai taɓa yi mana aikin ganin ido ba, kuma wannan shawara ba ta da nasaba da shi.

Don Allah ka amsa wannan saƙo zuwa Juma'a 7 ga Maris, ka tabbatar ya iso, kun kuma yarda da 2 ga Mayu a matsayin ranar ƙarshe da 16 ga Afrilu a matsayin ranar miƙa aiki. Rashin amsa ba zai tsayar da lissafin kwanakin ba. Gobe da safe ɗan aikenmu zai kawo kwafin wannan wasiƙa mai sa hannu da hatimi ofishinku, na kuma liƙa shafukan yarjejeniyar da na ambata a jikin wannan imel.

Na gode. Allah Ya ƙara girma.

Wassalam,
Shugabar Sashen Gudanarwa,
a madadin hukumar asibiti