Barka da Sallah, Yaya, ga gaisuwarmu tare da rabonki

Nima, Akra
16 ga Zulhajji

Assalamu alaikum, Yaya Hajiya.

Barka da Sallah. Allah ya karɓi layyarmu da taku, ya maimaita mana na baɗi da na baɗin baɗaɗa cikin lafiya da rufin asiri. Na san yau kwana shida ke nan da saukowa Idi, amma ni a wajena muddin akwai soyayyen nama a kwano, Sallah ba ta tafi ba. Muryarki ta iso mana tun safiyar ranar, muka saurare ta gida duka kafin mu fita. Na riƙe tawa ne don kada ta zo miki hannu rabbana, ina jiran rabonki ya kammala. Jiya da daddare Maman yara ta rufe bokitin, yau ga ni.

Ina Alhaji, ina yara, ina gajiyar hidima? Yaya Abuwabo da ruwan nan? Duk sanda na ji an ce an kwana ana ruwa a Kumasi, hankalina sai ya tafi kan rafin nan na bayan gida. Ki gaya mini gaskiya ko ya shigo tsakar gida bana. Mu ma nan damina ta kankama, babbar kwatar Nima ta cika ta batse sau biyu a satin nan, amma alhamdu lillahi ba ta taɓa shago ba.

Goron da kika aiko ya iso ana saura kwana uku Sallah. Da na kwance ganyen na ga farare a sama, jajaye a ƙasa, an yayyafa ruwa daidai yadda ba zai bushe a hanya ba, sai na ajiye almakashi na zauna. Haka Inna take ɗaure shi, ƙulli biyu, bakin igiyar a soke ta gefe. Ban san kin koya ba, Yaya. Shekara goma sha huɗu ina garin nan, ba Sallar da ta taɓa zuwa ba tare da ƙunshin goronta ba, kuma tun da muka kai ta makwancinta a Tafo na riga na sa a raina cewa wannan ya wuce. Sai ga shi bai wuce ba. Na raba wa dattawan masallacinmu, na kai wa mai gidan da muke haya, na ajiye guda bakwai na baƙi. Wani tsoho ya ɓara ɗaya, ya duba cikinsa, ya ce wannan daga Kejetiya ya fito, ba a ɓoye goron Asante. Ya yi wa Inna addu'a mai tsawo duk da bai taɓa ganinta ba.

Bari in ba ki labarin tamu Sallar, tunda kin tambaya.

Ɗinki ya yi yawa bana, mun gode Allah. Ni da yaran shago uku muka yi ta fama da shadda da leshi har daren jajibiri, riga ta ƙarshe ta bar hannuna bayan sallar Asuba, mai ita ya sa ta a nan cikin shago ya wuce Idi. Ba wanda na saɓa wa alkawari, wannan kuwa ya fi mini komai daɗi.

Ragon kuma tun ana saura kwana biyar na je Tulaku, can Ashaiman, ni da maƙwabcina. Kin san yawancin dabbobin daga Burkina da Nijar da Mali ake sauko da su ta Paga, masu su da sefa suke saye, don haka ciniki sai ya bi yadda sidi ta tsaya a ranar. Mun sha zagaye cikin taɓo. Na tuna yadda Baba yake yi a kara: ya buɗe baki ya duba haƙori, ya duba ido biyun, ya sa a ja dabbar ta yi tafiya a gabansa don ya ga ko tana ɗingishi, sannan ya dafa gadon baya ya ji nama. Haka na yi, ban tsallake ko ɗaya ba. Na samu fari mai baƙin wuya, ya haura shekara, aka sallama mini a sidi 3,500 bayan doguwar jayayya. Maƙwabcina shi ya shiga cikin mutum bakwai suka haɗa sa. Muka ɗauko ragon a bayan mota, yara suka tarye mu tun daga bakin titi, Auta ya ce shi zai riƙa ba shi dusa. Ya kuwa riƙe amana, har dare yake fita ya leƙa shi.

Ranar Idi muka tafi Filin 'Yanci da ke bakin teku. Da ma na so mu tsaya a unguwa saboda hadari, amma babban yaronki ya nace sai ya ga Babban Limami, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da idonsa. Na ce ya yi gaskiya. Bawan Allah da aka haifa a 1919, ya haura shekara ɗari, ai ganinsa abin da yaro zai riƙa ba jikokinsa labari ne. Mun samu sahu da nisa, sai na ɗaga shi a kafaɗa. Fili ya cika da farare da shuɗɗan riguna, kabbara na tashi ta ko'ina, iskar teku na kaɗa ta. Dagomba, Zabarmawa, Fulani, Kotokoli, Yarbawa, Wangarawa, kowa da irin hularsa, amma da aka sallame Hausa ce a bakin kowa ana barka da Sallah. Abin da nake so da Zango ke nan, na nan da na Kumasi duka. Ruwa bai sauko ba sai da muka isa gida.

Na dakata har na tabbata liman ya yanka, sannan na yanka nawa da hannuna. Da na kwantar da shi na ambaci sunan Allah, na yi niyya da mu da iyalin gida, sai Inna ta faɗo mini a rai, yadda take tsayawa a bakin ƙofar ɗaki da tasa a hannu tana jiran hanta. Ba ta yarda a ci komai ranar kafin hantar nan. Mu ma haka muka yi, Maman yara ta gasa ta da gishiri da ɗan yaji, kowa ya samu yanka ɗaya, da ita muka karya.

Sauran kin san shi. Kai da ƙafafu aka babbaka, fata ta tafi makarantar allon da yara ke zuwa, nama ya kwana a rataye ya tsane. Washegari aka kasa shi uku. Kashi ɗaya ya zaga gidajen da ba su samu yankawa ba, kuma bana suna da yawa, Yaya, har da waɗanda a da su ne masu aiko mana. Wannan ya taɓa ni sosai. Na ce wa yara su kai da yamma, a rufe, su ce daga gidan tela ne ana gaisuwa, kada su tsaya jiran godiya. Kashi na biyu na maƙwabta da abokan arziki, har da matar nan 'yar Ga mai sayar da kenke a bakin layinmu, wadda ba ta taɓa mantawa da mu ranar Kirsimeti. Na uku namu ne, kuma a cikinsa aka fara cire cinya guda aka ce wannan ta Kumasi ce.

A nan ne aikin ya ɗauki kwanaki. Maman yara ta ce naman da zai yi tafiya ba a yi masa gaggawa. Ta tafasa shi da citta da kanumfari da masoro da kimba har ruwan ya ƙone, ta soya shi a cikin kitsensa a wuta marar ƙarfi, ta baza a faranti ya huce, washegari ta sake mayar da shi ya ƙara bushewa. Da damina in ba a yi haka ba, kwana uku ya isa ya canza wari. Wannan kuwa zai kai ki wata guda in yara sun bari. Ta haɗa miki da kwalbar shito da ta yi da kanta, da ɗan dambun nama na Alhaji saboda haƙoransa. Ni kuma na sa riguna biyu na 'yan biyu, na ƙiyasta tsawonsu daga hoton azumi na ƙara yatsa uku. In sun yi yawa a ajiye, za su tarar da su. Akwai mayafi ruwan toka a ƙasan jakar, naki ne, ki sa shi ranar Juma'a.

Juma'ar da ta wuce mun yi ta a babban masallacin Kanda, da ƙafa muka taka daga gida. Tun da aka buɗe shi a 2021 kike cewa za ki zo ki gani, har yau ba ki zo ba. Hasumiya huɗu, ƙubba kan ƙubba, ginin Turkawa, in kin shiga sai kin ɗaga kai kin yi shiru. Ina so in ga ranar da za ki yi sallah a ciki. Akra dai, ko Ankara kamar yadda Baba yake kiranta, ba ta da nisa: ki hau mota da safe, ki sayi burodi a Nsawam, kafin La'asar kina Nima.

Yaya, akwai maganar da na daɗe ina so in faɗa miki, kuma gaisuwar Sallah ce ta ba ni dama. Tun rasuwar Inna ke kika riƙe gidan nan. Ke kike zuwa gaisuwar mutuwa da suna a madadinmu, ke kike leƙa Gwaggo a Asawase, ke kike tuna wa kowa ranar da ya kamata ya kira wane. Muna nesa amma muna gani. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar ɗauka, ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da haka. Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya haskaka kabarinsu, ya sa ladan abin da muka yanka ya kai gare su.

Ki gaishe mini da Alhaji da kyau, ki ce ina yi masa barka da Sallah, ina kuma neman addu'arsa. Ki gaida Gwaggo, ki ɗebar mata nata a naman tun kafin yara su gan shi. Ki gaida Kawu da mutanen gidansa, da Malam na masallacin ƙofar gida, da duk wanda ya tambaye ni. Goron Sallar yara na tura ta waya tun ɗazu, sidi 20 kowane ɗaya, ki duba ko ya shigo. Alhazan unguwa in sun fara dawowa, ki yi musu barka da sauka a madadina.

Kayan suna motar safe da ta tashi daga Sakul, jaka shuɗiya ce da bokiti a ciki, na rubuta sunanki da lambarki a jiki. A aika yaro tashar Asafo wajen Azahar, kuma a buɗe murfin da zarar an kawo don ya sha iska. In ya iso ki kira ni in ji muryarki. In Allah ya yarda da cika-ciki ina nan tafe da yaran duka, mu je Tafo tare.

Maman yara da yara suna gaishe ki, Auta ya ce a gaya miki shi ya yi kiwon ragon.

Wassalam,
Ƙaninki na Nima